Girman takarda, gaba da baya, da sikeli: abin da za ka zaɓa idan tagar bugawa ta fito da Faransanci

Wanda ya shiga shagon kwamfuta a Maraɗi, Damagaram ko Yamai zai tarar kusan kowace na'ura da Faransanci take magana. Haka ma kwamfutocin hannu na gwanjo da ake shigowa da su daga Turai, wasu sukan iso da Faransanci ko Jamusanci a kansu. Mai takarda ya danna `Ctrl+P`, taga ta buɗe, ga akwatuna birjik ba ya karanta ko ɗaya, sai ya danna babban maɓallin nan na `Imprimer` ya ce Allah ya sa a dace. Wani lokaci a dace ɗin. Wani lokaci kuma lambar shafi ta yanke, ko bayan takarda ya fito kai a ƙasa, ko hoton fasfo ya ƙanƙance.

Cikin duk akwatunan nan, uku ne suka fi lalata aiki: girman takarda, gefen da ake juya ta idan za a buga gaba da baya, da kuma sikeli, wato ƙara girman shafi ko rage shi. Abin farin ciki, dukkan ukun ana iya gane su ta lambobi, da 'yan kalmomi kaɗan, da ɗan hoton gwaji da ke gefen taga, ko da mutum bai iya harshen ba. Sunayen da za a gani a nan na Adobe Acrobat Reader ne, domin ana yawan buɗe PDF da shi. A Word da Chrome kalmomin sukan ɗan bambanta, amma jigonsu ɗaya ne.

A4 ko Letter

Takardar da ake sayarwa rim-rim a Najeriya da Nijar A4 ce: faɗinta milimita 210, tsawonta 297. Letter kuwa takardar Amurka da Kanada ce, inci 8.5 da inci 11, wato kusan milimita 216 da 279. Da ido kamar ɗaya suke, amma Letter ta fi faɗi da milimita 6, A4 kuma ta fi tsawo da kusan milimita 18. Wannan 'yar tazara ita ce tushen yawancin ɓarnar.

A tagar Faransanci nemi `Format du papier` ko `Taille du papier`, a ta Jamusanci `Papierformat`. A Acrobat Reader ba a fuskar farko yake ba, sai ka shiga `Mise en page` da ke ƙasa ko `Propriétés` da ke kusa da sunan firinta. Sunan A4 ba ya canzawa a kowane harshe, shi ya sa ya fi komai sauƙin ganewa. Letter ce ke sauya kama, domin Faransanci yakan rubuta ta `Lettre`. Kada ka dogara da suna, duba lambobin da ke gefensa. Idan ka ga `21 x 29,7 cm`, A4 ce. Idan ka ga `21,59 x 27,94 cm`, Letter ce. Waƙafin da ke tsakiyar lambar ba kuskure ba ne, haka Faransawa da Jamusawa ke rubuta abin da muke sa wa ɗigo.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, girman takarda a wuri uku yake zaune. Akwai girman da aka tsara fayil ɗin a kansa, akwai wanda aka zaɓa a tagar bugawa, akwai kuma ainihin takardar da ke cikin tiren firinta. Na biyu da na uku dole su zama ɗaya, babu zaɓi a nan: idan A4 ce a tire, A4 za ka zaɓa a taga, ko da fayil ɗin daga Amurka ya zo. Na farko ne kawai zai iya bambanta, kuma sikeli ne ke sasanta shi da sauran.

Idan taga ta ce Letter alhali A4 ce a tire, abu ɗaya cikin biyu ke faruwa. Manyan firintocin ofis sukan tsaya cak, fitila na ƙyaftawa, suna neman a zuba musu Letter. Ƙananan kuma sukan buga kawai. Za ka gane ta alama biyu: fili fari ya yi yawa a ƙasan shafi, rubutu kuma ya ƙanƙance ya ɗan karkata gefe ɗaya. Dalili shi ne kwamfuta ta matse shafin A4 mai tsawon 297 cikin tsawon 279, wato ta mayar da shi kashi 94 cikin ɗari ko ƙasa da haka. Idan kuma ba ta matse ba, sai ta datse abin da ya wuce, kuma abin da ke zaune a can ƙasa shi ne lambar shafi, wani lokaci har da layin sa hannu.

Don sanin girman fayil ɗin kansa, danna `Ctrl+D` a Acrobat Reader, za ka ga girman shafi cikin bayanan da suka fito. A Word kuwa a yi hattara: canza girman takarda a wurin bugawa yana canza tsarin fayil ɗin ne baki ɗaya, layuka su gusa, shafi 40 ya koma 38 ko 39, jadawalin abin da ke ciki ya daina dacewa da shafuka. Wanda zai kai kundin karatu shago, ya fara mayar da shi PDF a kan A4 tun daga gida. Hakan ya fi duk wata dabara.

Dogon gefe ko gajeren gefe

Buga gaba da baya da Faransanci shi ne `recto verso`, da Jamusanci `beidseitig`, a tagar Turanci kuma `Print on both sides`. Fuska ɗaya ita ce `recto` kawai, ko `einseitig`. Da zarar ka kunna shi, zaɓi biyu za su fito, kuma a nan ne ake yawan faɗuwa. Na farko `Retourner sur les bords longs`, na biyu `Retourner sur les bords courts`. Kalma biyu kawai za ka riƙe: `long` dogo ne, `court` gajere. A Jamusanci `lange Kante` da `kurze Kante`, wasu direbobin firinta kuma, wato manhajojin da ke haɗa firinta da kwamfuta, su rubuta `Reliure bord long`, ma'anar dai ɗaya ce.

Tambayar da firinta ke yi maka ita ce, ta wane gefe mai karatu zai juya takardar? Ɗauki takarda a tsaye a hannunka. Idan ka buɗe ta daga dama zuwa hagu yadda ake buɗe littafi, a kan dogon gefe ta juya. Idan ka ɗaga ta daga ƙasa zuwa sama yadda ake ɗaga kalandar bango, a kan gajeren gefe ta juya. Saboda haka duk takardar da aka tsara a tsaye, wadda Faransanci ke kira `Portrait`, kuma za a ɗinke ta ko a buga mata sitefila a hagu, dogon gefe take so. Wasiƙa, kundin karatu, yarjejeniya, takardar jarrabawa, duk nan suke.

Lamarin yana juyewa idan shafin a kwance yake, wato `Paysage`, ko `Querformat` a Jamusanci. A kwance, gefen hagu shi ne gajere. Idan kana son jadawalin albashi ko majigin lacca ya buɗe daga dama zuwa hagu, gajeren gefe za ka zaɓa. Idan ka bar shi a kan dogo, ba wai ya lalace ba ne, sai dai ɗinkinsa ya koma sama, a riƙa ɗaga shi. Ga wanda zai sa takardun a fayil mai maƙala ta sama, hakan ma shi ne daidai. Kenan babu zaɓin da ya fi wani a karan kansa. Wurin ɗinki ne ke yanke hukunci, kuma ya kamata a san shi kafin a danna komai.

Idan fayil ɗin ya haɗa shafuka na tsaye da 'yan kaɗan na kwance, bi mafi rinjaye, ka bar shi a dogon gefe. Mai karatu zai juya kundin ya duba jadawalin, kamar yadda aka saba. A Acrobat Reader ka tabbata an zaɓi fuskantar da ke cewa `Auto`, don kowane shafi ya kwanta yadda aka tsara shi. Rubutun Larabci ko ajami da ake buɗewa daga hagu zuwa dama shi ma dogon gefe ne, ba abin da ya canza, sai dai sitefila ta koma dama.

Wani lokaci akwatin `recto verso` ba ya fitowa sam, ko ya fito a dushe ba ya dannuwa. Ko dai firintar ba ta da na'urar juya takarda, ko direbanta bai san tana da ita ba. A firintocin HP na laser, harafin `d` cikin haruffan da ke bin lambar samfuri, kamar `M402dn`, yana nuna tana juyawa da kanta. Idan tana da shi amma akwatin ya ƙi, sai a shiga `Propriétés de l'imprimante`, shafin `Paramètres du périphérique`, a nuna cewa na'urar juyawa tana nan.

Idan babu ita, da hannu ake yi. A fara buga shafuka masu mara, 1, 3, 5, wato `Pages impaires`, a mayar da takardun tire, sannan a buga masu cika, `Pages paires`. Kalmomin biyu sun yi kama ƙwarai, `im` ɗin farko ne kawai bambancinsu, a duba da kyau. Kafin a taɓa babban aiki, a ɗauki takarda ɗaya a zana kibiya da fensir a fuskar da ke sama, kanta na kallon cikin firinta, a buga shafi ɗaya a kanta. Inda rubutu ya fito da inda kansa ya kalla su za su gaya maka yadda za ka mayar da tulin. Sannan a gwada da shafi huɗu don a ga ko zagaye na biyu yana bukatar a kunna `Inverser`, wato bugawa daga ƙarshe zuwa farko, domin wannan ya danganta da ko firintar tana fitar da takarda fuska a ƙasa ne ko a sama.

Takarda ma tana da nata. Mai nauyin giram 80 ita ce daidai ga gaba da baya. Mai 70 tana nuna rubutun baya, musamman inda akwai hoto ko baƙin jadawali. A firinta mai tawadar ruwa, a bar fuskar farko ta sha iska kaɗan kafin a mayar.

Sikeli: nan ne ɓarna ke ɓuya

Kuskuren juyawa ana ganinsa nan take. Na sikeli kuwa ba ya nuna kansa, sai an kai takarda inda za a auna ta. A ƙarƙashin `Taille`, Acrobat Reader yana ba da zaɓi huɗu: `Ajuster`, `Taille réelle`, `Réduire les pages hors format`, da `Échelle personnalisée`. A tagar Turanci su ne `Fit`, `Actual size`, `Shrink oversized pages` da `Custom scale`. A Jamusanci na farko `Anpassen`, na biyu `Tatsächliche Größe`.

Don gane bambancinsu sai an san abu ɗaya game da firinta: ba ta iya buga rubutu har bakin takarda. Yawancin na laser suna barin kamar milimita 4 a kowane gefe. `Ajuster` yana ɗaukar shafin gaba ɗaya, har da fararen gefunansa, ya cusa shi cikin filin da firinta ke iya kaiwa. Faɗin 210 ya koma kusan 202, wato kashi 96 cikin ɗari. Ma'ana, ko fayil A4 ne kuma takarda A4 ce, `Ajuster` zai rage shi. Mutane da dama suna ɗauka idan girma ya zo ɗaya babu abin da zai taɓu, kuma ba haka ba ne. Haka kuma yana ƙara girman ƙaramin shafi: rasit mai girman A5 zai buɗe ya cika A4.

`Taille réelle` ba ya taɓa komai. Santimita ɗaya a fayil santimita ɗaya ce a takarda. Abin da ya faɗa cikin milimita 4 na baki, ko ya wuce takardar, ya tafi. `Réduire les pages hors format` yana tsakiya: yana rage shafin da ya fi fili girma, amma ba ya ƙara wa ƙarami. `Échelle personnalisée` kuma kai ne ke rubuta kashin da kake so.

Ga wasiƙa ko takardar karatu, ragin kashi 4 ba ya cutar da kowa. Ga abin da za a auna kuwa, babbar matsala ce. Hoton fasfo mai milimita 35 da 45 zai fito 33.6 da 43.2. Taswirar fili mai sikelin 1:500 ta fi wannan haɗari: gefen fili mai mita 20 ana zana shi milimita 40, idan aka rage shi zuwa kashi 96 zai fito 38.4, wanda ya auna da rula ya lissafa zai samu mita 19.2. Santimita 80 sun ɓace a takarda, ga kuma rubutun 1:500 yana nan a ƙasa kamar ba abin da ya faru. Haka zanen gini, patan ɗin tela, takardar lakabi mai manne da aka riga aka yanka, da fom ɗin da za a cike gurabensa a kan takardar da aka riga aka buga. Duk waɗannan `Taille réelle` ne, ba tare da wani tunani ba, kuma bayan bugawa a ɗora rula a kan wani layi da aka san tsawonsa.

A ganinmu zaɓin da ya fi dacewa a bar shi kullum a shagon da ke buga takardun jama'a shi ne `Réduire les pages hors format`, domin ba ya yanke komai kuma ba ya kumbura ƙananan shafuka. Amma mai shago ya riƙa tambaya, "Alhaji, wannan za a auna ta ne?" Idan amsar e ce, a koma `Taille réelle`. A tuna cewa Acrobat Reader yana riƙe zaɓin da aka yi na ƙarshe, don haka abin da mutumin da ya gabace ka ya zaɓa shi ne ke jiranka.

Ba sai ka karanta ko kalma ɗaya ba kafin ka san me ke faruwa. A saman ɗan hoton gwaji akwai lamba da alamar `%`, bayan kalmar `Échelle`. Danna zaɓin ɗaya bayan ɗaya kana kallonta. Wanda lambar ta sauka zuwa 96 ko 94, yana ragewa. Wanda ka rubuta 100 da hannunka a akwatinsa, ainihin girma ne. A Chrome sai an buɗe `Plus de paramètres` kafin a ga `Échelle`. Abu ɗaya da za a kiyaye: direban firinta ma yana da nasa sikelin a cikin `Propriétés`. Idan an rage a can, an kuma rage a nan, ragin ninkuwa yake yi, kashi 94 sau biyu ya zama kusan 88. A bar na direba a 100, a yi gyara a wuri ɗaya.

Takardun A suna da wata fa'ida: kowace rabin wadda ke samanta ce, kuma siffarsu ɗaya. Daga A4 zuwa A5 kashi 71 ne, daga A4 zuwa A3 kashi 141. Wanda ya rubuta 50 yana nufin rabi zai samu shafi mai kwatan girma, domin sikeli tsawo da faɗi yake ragewa tare. Shafi biyu a fuska ɗaya, wato `Multiple`, shi ma kusan kashi 71 ne, rubutu mai girman 12 ya koma kamar 8.5. Matashi zai karanta, dattijo zai sha wuya. `Livret` kuma yana jera shafuka don a naɗe su ƙaramin littafi, kuma a can ne akwatin `Reliure` ke da amfani: a zaɓi `Droite` idan rubutun Larabci ne.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ce ɗalibi ya kawo PDF mai shafi 23 da wata jami'ar Amurka ta aiko, yana so gaba da baya, sitefila a hagu. Kwamfutar shagon da Faransanci take, A4 ce a tire, firintar kuma ba ta juyawa da kanta.

`Ctrl+D` ya nuna inci 8.5 da 11, Letter kenan. Duk da haka a `Mise en page` A4 za a zaɓa, tunda ita ce a tire. Saura sikeli. Idan aka bar `Taille réelle`, shafin ya fi takarda faɗi da milimita 6, wato 3 a kowane gefe, a haɗa da 4 da firinta ba ta kaiwa, kusan milimita 7 za su tafi dama da hagu. Idan rubutu ne zalla mai farin gefe na inci ɗaya, wato milimita 25, babu harafin da zai taɓu, kuma wannan zaɓin ya fi kyau don rubutu bai ƙanƙance ba. Idan kuma fom ne mai akwatuna har kusa da baki, sai `Réduire les pages hors format`, lambar ta sauka wajen 93 zuwa 97 gwargwadon firinta, a samu ƙarin fari sama da ƙasa, wanda ba laifi ba ne. Hoton gwaji zai nuna wanda ya dace: a duba shafin da ya fi cika, ba na farko kawai ba.

Sai juyawa. `Pages impaires` zai fitar da takarda 12, daga shafi 1 zuwa 23. Shafuka masu cika kuwa 11 ne, daga 2 zuwa 22. Takardar shafi 23 ba ta da abin da za a buga a bayanta, saboda haka a zare ta a ajiye gefe kafin a mayar da tulin. Idan aka manta, kuma firintar irin wadda ke bukatar `Inverser` ce, shafi 22 zai hau bayan 23, shafi 20 ya hau bayan 21, kowane ya gusa da takarda ɗaya, aikin duka ya tashi. A daidaita bakin takardun 11 a kan tebur, a ɗan kaɗa su don kada biyu su manne, domin takardar da ta fito daga laser da ɗumi takan lanƙwashe ta kama 'yar uwarta. A mayar da su yadda gwajin kibiya ya nuna, kan rubutu na fuskantar inda ya fuskanta a zagayen farko, a zaɓi `Pages paires`, a tsaya kusa da firinta. Takardar farko da ta fito a duba ta gaba da baya: idan 21 da 22 ne ke tare, ko 1 da 2, kuma dukansu kai a sama idan an buɗe ta gefe, a bar sauran su fito. Idan ba haka ba, a danna `Annuler` nan take, asarar ta tsaya a takarda ɗaya ko biyu.